Jiƙaƙƙen Lifidi

A can zamanin da ba a sanin girman gari sai an leƙa bargarsa, an yi wani gari mai ganuwa a bakin daji, ana ce da shi Zangaru. A garin akwai wasu 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, dukansu mayaƙan doki ne, amma halinsu ya sha bamban. Babban shi ne Nomau, ɗan lifidi, mutum mai nauyin jiki da nauyin baki, wanda sai ka yi masa tambaya ka tafi ka sha ruwa ka dawo kafin ya amsa. Ƙaramin kuwa Mantau, barde ne, mai ƙaramin doki da masu na jifa, ga shi da surutu kamar an jiƙa bakinsa. Uwarsu Inna Kande ta tsufa, ba ta da kowa sai su.

Wata shekara da rani, lokacin da ƙasa ta bushe ta yi daidai da kofato, mahara suka kawo wa Zangaru hari. Aka fita aka kore su. Da suka juya da gudu, Mantau ya saki linzami ya bi su shi kaɗai, har gindin wata tsohuwar kuka da ke tsakiyar fako. Mutane suna kallo, rana tsaka, wata guguwa ta taso daga gindin kukar ta naɗe shi da dokinsa. Da ƙurar ta lafa babu doki babu mahayi, sai sawun kofato da ya zo ya tsaya cak.

Inna Kande ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta dai daina cin abinci. Nomau ya shiga ɗakinta ya durƙusa, ya ce, "Inna, ki ci tuwo. Zan je in zo miki da shi."

Ta ce, "Ina za ka same shi?"

Ya ce, "Inda aka kai shi."

Ya fito ya shirya yadda ɗan lifidi ke shiri. Ba ya hawa dokin yaƙinsa a hanya, don dokin da ya sha tafiya da mutum a bayansa ba ya da sauran ƙarfin da zai shiga daga. Sai ya hau wata ƙaramar goɗiya, ya ɗaure mata ƙunshin kayan yaƙi a baya, ya jawo babban akawalinsa, baƙin ingarma mai suna Duna, yana bin su ba komai a gadon bayansa. Ya isa gindin kukar da rana tsaka, ya tsaya.

Can sai ya ji an yi gyaran murya a sama. Ya ɗaga kai ya ga wata ungulu a kan reshe, girmanta ya kai na ɗan maraƙi, da rawani a kanta.

Ta ce, "Sannu da zuwa, ya kai mai ciyar da mu. Na san ka a filin daga, kana barin mana abin kirki. Me kake nema a ƙofar da ba ta mutane ba?"

Nomau ya ce, "Ƙanena nake nema."

Ta ce, "Yana wurin Uwar Turke, sarauniyar dawakin aljanu. Zan buɗe maka, amma ni ba na aikin banza. Dawaki biyu ka zo da su. Ɗaya nawa ne, zaɓi wanda za ka ba ni."

Nomau ya sauka, ya kwance ƙunshin, ya shafa wuyan goɗiyar, ya juya mata baya don kada ya gani. Ya ji ƙarar fukafukai, ya ji haniniya guda, shi ke nan. Wallahi abin ya yi masa ciwo, don tun tana 'yar duƙushiya yake ba ta dusa da hannunsa. Cikin kukar ya tsage, ya saɓa kayan a kansa maimakon ya ɗora wa Duna, ya ja ragama suka shiga.

Ƙasar da ya faɗa ba ta da inuwa, rana tana tsaye a tsakiyar sama ba ta gusawa. Ya yi ta tafiya har ya iso wani kurmi mai sarƙaƙiya, yana jin wani irin ruri a ciki. Ya tsaya ya leƙa, ya ga tsando, ƙudan nan mai kashe doki wanda ya hana mahaya shiga dazuzzukan kudu, amma na nan kowanne ya kai girman kurciya. Ƙasusuwan dawaki kuwa ga su nan fari fat har iyakar ganinsa. Sai ya kwance ƙunshin ya rufa wa Duna lifidinsa, wato bargon nan mai kauri da ake ɗinkewa gida-gida a cusa masa audugar rimi, ya rufe wuya da ƙirji da kuturi har gwiwa. Nasa lifidin ma ya yafa wa dokin a ka da ciki. Ya tara busasshen kashin dawaki ya kunna a ɓawon itace, ya riƙe hayaƙin a ƙarƙashin cikin Duna, suka kutsa. Ƙudajen suka rasa inda za su ciji doki, suka huce a kan mai shi. Da suka fita ɗaya gefen fuskar Nomau ta kumbura har ido ɗaya ya rufe, amma ko tabo babu a jikin Duna.

Daga nan suka faɗa wani fako mai farar ƙasa, babu ciyawa babu tsuntsu. Ƙishirwa ta kama su har harshen Nomau ya manne. Can suka iske rijiya, da wani tsoho zaune a bakinta, ƙafafunsa kofatai ne, gemunsa ya sauka cikin rijiyar ya zama igiyar guga.

Tsohon ya ce, "Ya ɗan Adam, wannan rijiya guga ɗaya take ba baƙo, baki ɗaya kuma yake sha. Kai ko dabbarka?"

Nomau bai ko tsaya shawara ba, ya ce, "Ka ba dokin, Baba."

Duna ya shanye gugan tas. Tsohon ya dube shi ya yi dariya har haƙoransa suka yi ƙara. Ya ce, "Mahaya da yawa sun biyo nan. Waɗanda suka sha da kansu, ga su can," ya nuna wasu tuddan farar ƙasa. "Tunda ka san abin da ke ɗauke da kai, zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Maƙiyan Uwar Turke 'yan baka ne, kuma kibansu iri biyu ne. Akwai mai dafi, akwai mai wuta. Yanzu wuce, kada in ji tausayinka."

Bai yi nisa ba ya hango birnin. Ganuwarsa ta turaku ce aka kafa a jere, dogaye kamar giginya, cikinsa kuma babu ɗaki ko ɗaya, barga ce bayan barga. Dawakin aljanu suna tsaye a ciki, wasu shuɗɗa, wasu jajaye wur, amma duk haƙarƙarinsu a waje, idanunsu sun faɗa. Aka kai shi gaban Uwar Turke. Mace ce doguwa, gashinta gezar doki har ƙasa, tana zaune a kan tarin sirada. Fadawanta suka ja da baya da suka ga takobinsa da likkafunsa, suna toshe hanci.

Nomau ya durƙusa ya ce, "Ranki ya daɗe, an ɗauko mini ƙane. Uwarmu ta daina cin abinci."

Ta ce, "Ya kai ɗan Adam mai kumburarriyar fuska, ban ɗauko shi don mugunta ba. Ka ga dawakina? Kwarin-Wuta, sarkin 'yan bakan aljanu, ya ƙwace mini babban marmaron da suke sha, ya kafa mutanensa a duwatsun da ke kewaye da shi. Aljani ba ya kashe aljani sai da ƙarfe, mu kuwa ba ma iya taɓa ƙarfe. Shi ya sa nake aika guguwa tana kwaso mini mahayanku. Na kwaso da yawa, sun mutu da yawa. Ka karya mini 'yan bakan nan, ka ɗauki ƙanenka."

Nomau ya ce, "In na karya su, yaushe za mu tafi?"

Ta ce, "Nan take, kafin ƙurar yaƙi ta kwanta, don ita ce za ta zama muku hanya. Amma ka ji sharaɗi. Daga filin daga har ƙofar garinku, duk wanda ƙafarsa ta taɓa ƙasa nawa ne har abada. Ka yarda?"

Ya ce, "Na yarda."

Aka kai shi sansanin mutanen da aka sato. Ga Barebari, ga Zabarmawa, ga Nufawa, ga waɗansu da ko harshensu bai taɓa ji ba, duk sun yi jugum. Cikinsu Mantau ya taso a guje ya rungume shi, ya rame har wuyansa ya yi tsawo.

"Yaya! Kai ne? Wa ya yi maka haka a fuska? Yaya Inna? Don Allah ka ce tana nan."

Nomau ya ce, "Tana nan. Yi shiru ka gaya mini yadda kuke yaƙin."

Wani dattijon Babarbare mai suna Kacalla Modu ne ya amsa, shi ya fi kowa daɗewa a wurin, har ya ce ba ya zaton garinsu na nan a duniya. Ya ce fadawan sarauniya ne ke tsara musu yaƙi, su kuwa ba su taɓa hawa doki da linzami ba. Tun daga ƙofar birni suke sa a yi sukuwa, kowa da kowa a cakuɗe. Kafin a kai duwatsun dawakai sun gaji, ga ramuka da aka haƙa aka kafa itatuwa masu tsini a ciki, ga shingen ƙaya, ga 'yan baka a sama suna zaɓen dokin da za su harba. Lifidi kuwa kowa ya tuɓe ya jefar, don kibiyar wuta in ta shiga audugar rimi ba ta tashi da harshe, ci take yi a ciki a hankali, mutum na dahuwa a cikin rigarsa, doki ya haukace ya tattake na bayansa.

Nomau ya zana duwatsun da filin a ƙasa da yatsa. Sannan ya ce, "Doki ba ya yaƙi da dutse. Sai mun sauko da su fili."

Ya tsara musu abin kamar yadda ake yi a gida. Barade masu ƙananan dawaki za su je gaban duwatsun su jefa masu, su yi kamar an ci su, su juya da gudu suna yar da garkuwa da rawuna. 'Yan bakan sun saba da cin nasara, kuma suna kwaɗayin naman doki, za su sauko. Baraden za su jawo su har fili, kusa da wata busasshiyar ƙorama inda 'yan lifidi za su ɓuya. Daga nan 'yan lifidi su fito a jere, gwiwa na gugar gwiwa, baraden su zagayo su fake a bayansu. Lifidi ya shanye kibau har a kusanto, sannan a faɗa musu.

Kacalla Modu ya ce, "Tsarin ya yi, ɗana. Wutar fa?"

Nomau ya ce, "Na ga akwai ɗan tafki da ya rage a cikin ƙoramar. Sahun gaba za su jiƙa lifidinsu."

Dattijon ya girgiza kai. "Kai ɗan lifidi ne, ka san abin da kake faɗa. Kumburin auduga ne ke tare kibiya. In ta jiƙe ta kwanta, ta zama tsumma. Ka tsere wa mai wuta, mai dafi ta shige ka."

Nomau ya ce, "Na sani, Baba Kacalla. Mai dafi mutum ɗaya take kashewa, dokinsa ya ci gaba da tafiya a sahu. Mai wuta kuwa sahun duka take watsawa, na baya su zama a fili." Ya dubi inda Mantau yake, ya kau da kai. "Ni ne a tsakiya."

Kowa ya miƙe. Suka tono tsofaffin lifidai daga inda aka jibge su, suka ɗinke inda ya yage, suka ba dawaki dawa da ɗan kanwa, suka wasa masu. Ranar fita aka jawo manyan dawakin da hannu har cikin ƙoramar, ba wanda ya hau. A nan aka ɗaura sirada, aka ja majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi a cikin doki, har sai da dawakin suka yi nishi. Aka sa musu linzami mai zobe, irin wanda in ka ja shi doki na tsaka da gudu zai tsaya cak ya ɗaga ƙafafun gaba. Aka rufa musu lifidi, aka ɗaura musu ƙarfen goshi.

Ɗan lifidi ba ya shirya kansa, sai an shirya shi. Mantau ne ya zura wa yayansa rigar, ya ɗaure igiyoyinta ta baya, ya kifa masa kwalkwali mai gashin jimina. Sannan ya ɗebo ruwa a ƙwarya ya yi ta kwarara masa, shi da Duna, har rigar ta yi nauyin da Nomau ba ya iya ɗaga hannu sama da kafaɗa. Mutum uku suka taru suka ɗaga shi suka dasa a sirdi, tsakanin kwacciyar gaba da majinginin baya, ya zauna daram. Aka miƙa masa garkuwar fatar gwanki da asigiri, mashin nan na ƙarfe zalla wanda ba a jefawa, sai dai a soka.

Ya ce, "Mantau, in ka juya da gudu, ka gudu sosai. Kada ka ji kunya ka tsaya."

Mantau ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Yaya, yau ka ba ni aikin da ban iya ba."

Amma ya yi shi. Baraden suka je suka yi ta kai-komo a gaban duwatsun, suna jifa suna ihu, kibau na sauka, har dawaki da yawa suka faɗi da gaske. Sannan Mantau ya yar da garkuwarsa ya kurma ihu ya juya, saura suka bi shi a watse. Sai duwatsun suka fara amai. 'Yan bakan Kwarin-Wuta suka kwararo, gajeru ne masu dogayen hannuwa, fatarsu kamar toka, suna gudu suna lasar baki. Suka wuce ramukansu, suka wuce shingensu, suka fito fili.

Aka buga kuge, ƙarfen nan da ake kaɗawa don a fito daga. 'Yan lifidi suka hauro daga ƙoramar a jere, ruwa na ɗiga daga jikinsu, Nomau a tsakiya. Ba su yi sukuwa ba, don dokin da ke ɗauke da wannan kaya gudu ɗaya gare shi, kuma gajere ne. Tafiya suke yi, ƙasa na girgiza. Baraden suka zagayo suka lafe a bayansu. 'Yan bakan suka ja birki, suka durƙusa, suka saki kibau masu wuta. Sama ta yi ja. Kibau suka yi ta cakewa a jikin lifidi suna cuu, suna mutuwa, tururi na tashi. Doki ko ɗaya bai karkace ba.

Kwarin-Wuta yana tsaye a bayan mutanensa, shi ne ya fi su tsawo, bakansa na ƙahon ɓauna. Ya daka tsawa ya ce, "Sun jiƙa! Ku canza kwari!"

Sai masu dafi suka fara zuwa, masu tsinin ƙashi. Na hannun daman Nomau ya yi tari ya kife a wuyan dokinsa, dokin ya ci gaba da tafiya. Kacalla Modu ya sha ɗaya a maƙogwaro. Garkuwar Nomau ta cika da kibau har ta yi nauyi, ƙirjin Duna ma haka. Suka ƙara matsawa, har ya fara ganin fararen idanun 'yan bakan. A nan ya ji wani abu ya cije shi a ƙasan haƙarƙari, ta gefen da garkuwa ba ta rufe ba. Bai duba ba. Ya sa hannu ya karya sandar kibiyar, ya sa ƙaimi, ya ɗaga murya, abin da ba a taɓa ji ya yi ba.

"Yanzu!"

Sahun ya faɗa musu kamar katanga ta rushe. Ɗan baka in doki ya iso shi ba shi da sauran dabara. Manyan dawakin suka bi ta kansu, asigirai na shiga suna fita, wanda ya raɓo ta gefe a shafe shi da kaifin likkafa. Baraden suka fito ta dama da hagu da takubba, suka tare hanyar duwatsu. Duk aljanin da ƙarfe ya taɓa sai ya zube ya zama toka. Kwarin-Wuta ya ɗana kibiya zai harbi fuskar Duna, Nomau ya ja linzami, dokin ya miƙe tsaye ya sauko masa da kofatai biyu, asigiri ya ƙarasa sauran. Can baya aka ji dawakin aljanu sun tsinke turakunsu, suna rugawa marmaro.

Ƙura ta tashi ta murɗe, ta buɗe baki kamar zaure. Muryar Uwar Turke ta fito daga cikinta ta ce, "Ka cika, ya ɗan Adam, ni ma na cika. Ku shiga, kuma ku tuna da sharaɗi."

Mantau ya iso a sukwane, fuskarsa duk toka, yana dariya yana kuka. "Yaya, mun yi! Lafiya kake?"

To, a nan ne Nomau ya yi lissafinsa. Jiƙaƙƙiyar audugar ta goge yawancin dafin kafin tsinin ya shiga, shi ya sa bai faɗi nan take ba, amma ya riga ya ji yatsunsa suna sanyi. Maganin kibiya mai dafi sananne ne, a kwantar da mutum, a kwance masa riga, a tsaga wurin a tsotse, a ɗora wuta. Duk wannan a ƙasa ake yinsa. Ya san ƙanensa kuma. In ya ce masa kalma ɗaya, kafin ya rufe baki Mantau ya diro daga doki.

Ya gyara garkuwar ta rufe gefensa, ya ce, "Lafiya lau. Matso ka yanke igiyoyin lifidin Duna, ya gaji."

Mantau ya sunkuya daga kan sirdi ya yanke, bargon ya zame ƙasa da kibansa. Ya ce, "Kawo in yanke naka ma."

"Bar shi. So nake Inna ta gan ni da kayan yaƙi. Shiga gaba, Duna zai bi ka. Kada ka waiwayo, ƙurar nan tana ruɗa ido. Ka yi ta ba ni labari, ni zan saurara."

Mantau ya shiga gaba. Nomau ya sunkuyar da kai ya zare rawanin da ke ƙarƙashin kwalkwalinsa, ya ɗaure ƙugunsa da kwacciya tamau, ya zura ƙafafunsa cikin likkafa har dunduniya, ya kafa gindin asigiri a kan likkafar dama ya rungume shi. Suka shiga ƙurar.

Sa Mantau surutu ba aiki ne mai wuya ba. Ya ba da labarin yadda guguwa ta ɗauke shi, da irin abincin da aljanu ke ci, da yadda ya yi kewar miyar kukar Inna har yana mafarkinta. Suka wuce ta saman fakon nan, suka wuce ta saman kurmin tsando, yana ta zuba. Da farko yakan ji "Uhm" daga baya. Can ya ce zai bar bin maƙiyi shi kaɗai, ya rantse, ya ji an ce, "Madalla." Daga nan bai sake jin komai ba sai takun Duna. Bai damu ba, don tun suna yara haka hirarsu take.

Suka fito ta gindin kukar da la'asar, inuwa ta miƙe a kan fako. Masu tsaron ganuwa suka hango mahaya biyu, suka buga tambari. Kafin su iso gari ya fito. Aka riƙo Inna Kande ta hannu biyu aka kawo ta bakin ƙofa, mata na guɗa. Mantau ya daure har kofaton dokinsa ya ƙetare dokin ƙofa, sannan ya diro ya faɗa jikinta.

"Inna, ga ni! Yaya ne ya zo da ni. Ba ki ga abin da ya yi ba!"

Ta riƙe kansa, tana shafa fuskarsa, tana kiran sunansa. Sannan ta ɗaga ido ta dubi babban ɗanta. Duna ya shigo ya tsaya da kansa, kumfa na zuba daga bakinsa. Nomau yana zaune a miƙe, mashi a hannu, kwalkwali ya ɗan sunkuyo.

Mantau ya ce, "Ku zo ku sauke shi mana, kun san ba ya iya sauka da kansa. Yaya, mun iso. Saki mashin."

Ya kama hannun zai karɓi asigirin, ya ji shi sanyi ƙalau, yatsun sun ƙage. Ya ɗaga garkuwar, ya ga guntun kibiyar, ya ga rawanin da aka ɗaure da kwacciya. Guɗar ta mutu daga gaba zuwa baya.

Mantau ya tsaya yana kallon ƙullin rawanin. Ya ce, "Da ya gaya mini, Inna. Da na sauka na..."

Inna Kande ta ce, "Shi ya sa bai gaya maka ba." Ta saki masu riƙe da ita, ta taka da kanta har gefen dokin, ta dafa gwiwar Nomau, lifidin har yanzu da danshi. Ta ce, "Ku sauko mini da shi a hankali. Ya gaji."